Yadda ake haɗa lissafin damar cin wasa yayin da ake tsaka da buga ƙwallo

Tambayar nan ta yi yawa, kusan duk wanda ya ga lambobin nan da ke fitowa a ƙasan allo lokacin wasa, wai masu gida kashi 62 baƙi kashi 14, sai ya turo min saƙo yana cewa ina suke samo su, kuma me ya sa ƙwallo ɗaya tak ke kifar da su gaba ɗaya wani lokacin amma wani lokacin da ƙyar suke motsawa. To ga yadda za ka haɗa naka da hannunka. Zan tsaya kan ƙwallon ƙafa, kuma wasa ɗaya zan ɗauka mu bi shi tun daga busar farko har ƙarshe. Lambobin ƙungiyoyin biyu ni na tsara su don misali kawai, amma sakamakon da za ka gani abin da lissafin ke bayarwa ne, za ka iya gwadawa ka gani.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu: lissafin nan babu ruwansa da wa ya fi taka leda a idonka. Abu uku yake tambaya, ci nawa ake yanzu, minti nawa ya rage, kuma ƙwallo nawa ake sa ran kowace ƙungiya za ta ƙara a ɗan lokacin da ya rage ɗin. Duk sauran abubuwan gyaran fuska ne a kan waɗannan ukun.

1. Kayan aiki da abin da za ka kashe

Google Sheets ko Excel ya isa, ko a waya ma yana yi duk da dai kwamfuta ta fi daɗin aiki. In ka iya Python to ka samu sauƙi, amma ba dole ba ne. Bayanan tsofaffin wasanni kuma kyauta suke, shafin football-data.co.uk yana da fayil na kowace kakar wasa ta manyan gasannin Turai, a ciki za ka ga FTHG da FTAG wato ƙwallayen masu gida da na baƙi bayan an tashi, sai HTHG da HTAG na lokacin hutun rabin lokaci. In kana son mintin da aka ci kowace ƙwallo sai ka nemi bayanan da StatsBomb suka saki kyauta a GitHub, har da na gasar cin kofin duniya ta 2018 da 2022. Abin da ke cin kuɗi shi ne bayanan da ke shigowa kai tsaye daƙiƙa bayan daƙiƙa, irin wanda gidajen talabijin ke saya, kai kuwa ba ka buƙatarsa, kana kallon wasa kana sauya minti da ci da yatsanka.

2. Fitar da ƙwallayen da ake sa rai kafin a fara

Nan ne ginshiƙin. Kana neman lamba biyu, ɗaya ta masu gida ɗaya ta baƙi.

Mu ce a gasar, matsakaicin abin da masu gida ke ci 1.5 ne a wasa, baƙi kuma 1.2. Ƙungiyarmu ta gida tana cin 1.8 a filinta, ka raba da 1.5 ka samu 1.2, wannan ne ƙarfin gabanta. Baƙin kuma ana zura musu 1.33 in sun fita waje, ka raba da 1.5 ka samu 0.89, wato bayansu ya ɗan fi na gama-gari ƙarfi. Sai ka ninka 1.5 sau 1.2 sau 0.89, ya ba ka 1.6. Haka za ka juya ka yi wa baƙi: suna cin 1.32 a waje, masu gida ana cin su 1.0 a gida, ka raba kowanne da 1.2 ka ninka da 1.2 ɗin, ya ba ka 1.1. To lambobinmu kenan, 1.6 da 1.1.

Gargaɗi a nan: kar ka ɗauki wasa biyar na baya-bayan nan ka ce ka san ƙarfin ƙungiya. Ƙwallo abu ne da ba ya yawan shiga, ƙungiya za ta iya cin 5 rana ɗaya ta lalata maka matsakaici na wata guda. Ɗauki kaka guda cikakkiya aƙalla, in farkon kaka ne ka haɗa da ta bara.

Akwai hanyar duba ko ka yi nisa da gaskiya. Fayil ɗin nan na football-data yana da farashin da kamfanonin caca suka sa kafin wasa, layukan B365H da B365D da B365A, wato na nasarar masu gida, na canjaras da na nasarar baƙi. Ba caca nake koya maka ba, ma'auni kawai za mu yi da lambobinsu. In ka ga 1.95 da 3.80 da 3.70, raba 1 da kowanne, za ka samu 0.513 da 0.263 da 0.270, in ka tara su sai ka ga 1.046 maimakon 1, wannan rarar ita ce ribar kamfanin. Dole ka raba kowanne da 1.046 ɗin kafin ka kwatanta, sai ka samu kashi 49 da 25 da 26. Mutane da yawa suna mantawa da wannan rabawar sai jimillarsu ta haura ɗari suna mamaki.

3. Shimfiɗa teburin

A B1 sa 1.6, a B2 sa 1.1, a B3 mintin da ake ciki, a B4 tazarar ci ta ɓangaren masu gida (in suna gaba da ɗaya ka sa 1, in ana binsu ɗaya ka sa -1), a B5 tsawon wasan, yanzu dai sa 90 za mu dawo kansa. Sai B6 da B7 su fitar maka da abin da ya rage wa kowace ƙungiya:

```
=B1*($B$5-$B$3)/$B$5
=B2*($B$5-$B$3)/$B$5
```

Yanzu daga D2 zuwa D8 rubuta 0 har 6, ƙwallayen da masu gida za su iya ƙarawa kenan, daga E1 zuwa K1 ma 0 har 6 na baƙi. A akwatin E2 ka sa wannan ka ja shi ya cike har K8:

```
=POISSON.DIST($D2,$B$6,FALSE)*POISSON.DIST(E$1,$B$7,FALSE)
```

Abin da POISSON.DIST ke yi shi ne, ka ba shi matsakaici ya gaya maka damar a ci babu ko ɗaya, ko ɗaya, ko biyu, haka har sama. Kowane akwati kuma damar wani ci ne guda, misali masu gida su ƙara 2 baƙi su ƙara 1. Sai a tara akwatunan da masu gida suka ƙare a sama:

```
=SUMPRODUCT(($D$2:$D$8+$B$4>$E$1:$K$1)*$E$2:$K$8)
```

Don canjaras ka sauya alamar > ta koma =, don nasarar baƙi ta koma <. Ka sa minti 0 tazara 0, in ka ga 49 da 25 da 26 to teburinka ya zauna daidai.

Kuskuren da ya fi kama mutane a nan shi ne alamar $ ɗin nan, in ka bar ta a baya ka ja lissafin sai kowane akwati ya riƙa karanta wani wuri daban. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, tara duk akwatunan, in bai zo dab da 1 ba akwai matsala. Na biyu, lambobin 0 zuwa 6 ƙwallayen da za a ƙara ne daga yanzu, ba cin ƙarshe ba, wanda aka riga aka ci yana B4, kar ka ƙirga shi sau biyu.

Mai Python kuwa layi kaɗan ne:

```python
from scipy.stats import skellam

def dama(g, b, minti, tazara, tsawo=90):
    s = max(tsawo - minti, 0.01) / tsawo
    d = skellam(g*s, b*s)
    return d.sf(-tazara), d.pmf(-tazara), d.cdf(-tazara-1)
```

Wannan 0.01 ɗin kar ka cire shi, in lokacin da ya rage ya zama sifili tas lissafin ba ya bayar da amsa.

4. Bi wasan ƙwallo bayan ƙwallo

An take wasa, minti 20 sun wuce babu ci. Masu gida sun sauka daga 49 zuwa 45, canjaras ya hau daga 25 zuwa 29, baƙi suna wajen 25. Babu abin da ya faru a fili fa, agogo ne kawai ke tafiya, kuma duk mintin da ya wuce yana ƙara wa cin da ke kan allo nauyi. Shi ya sa ƙungiyar da aka fi sa wa rai ita ke asara in ana zaune babu ci.

A minti na 20 ɗin masu gida suka zura ɗaya. Sauya B4 zuwa 1. Yanzu 75 da 17 da 8. Ƙwallon ta ɗaga su da maki kusan 30, amma duba da kyau, har yanzu a wasa huɗu irin wannan akwai ɗaya da ba za su ci ba, saboda minti 70 lokaci ne mai tsawo.

Aka yi ta fafatawa har minti 60 ana 1-0, sun kai 80, canjaras 16, baƙi 3. Minti 40 cur sun ƙara musu maki biyar kacal. Wannan yana ba mutane mamaki, amma dalilin shi ne a tsakiyar wasa abu biyu ke ja-in-ja, lokacin da baƙi za su farke yana raguwa, haka nan lokacin da masu gida za su ƙara ta biyu su rufe wasan shi ma yana raguwa.

Sai baƙi suka farke a 60. B4 ya koma 0, allo ya nuna 31 da 49 da 20. Ka ga wannan ƙwallon ta kwashe wa masu gida maki 49, ta fi ta farko nauyi nesa ba kusa ba. Kuma ba su koma 45 ɗin da suke kai a farko ba, don yanzu minti 30 kawai suke da shi su nuna sun fi ƙarfi.

Minti 85 ana 1-1, canjaras ya mamaye komai, 87, masu gida 8, baƙi 5. Masu gida suka jefa ta biyu, daga 8 suka tashi sai kusan 95. Ƙungiya ɗaya ce, raga ɗaya ce, amma ta minti 20 ta kawo 30 ta minti 85 ta kawo sama da 85. Ita kuwa ƙwallo ta huɗu a wasan da ake 3-0 ko ta shiga da ƙyar za ka ga lambar ta motsa, tunda babu sauran wurin hawa. Don haka darajar ƙwallo tana ga tazarar da ta tarar da kuma lokacin da ta bari a bayanta.

Gargaɗi: kar ka taɓa B4 sai an maida ƙwallo tsakiya an ci gaba. Tunda VAR ya shigo ƙwallo na iya shiga a yi murna a soke ta bayan minti biyu, in kana ajiye lambobin don zana jadawali za ka samu wani tsini da bai taɓa faruwa ba.

5. Gyara agogo

Wancan 95 ɗin na minti 85 ya yi yawa, kuma laifin 90 ɗin da muka sa a B5 ne. Ba a tashi wasa a 90. Sa 95 ka gani, yanzu minti 10 suka rage ba 5 ba, masu gida sun sauko wajen 91, canjaras ya tashi daga 5 zuwa kusan 9. A farkon wasa wannan gyaran kusan ba ya canza komai, a ƙarshe kuwa yana ninka haɗarin. Kuma ƙarin lokacin ba ɗaya ba ne a ko'ina, a Qatar 2022 wasan Ingila da Iran an ƙara sama da minti 25 in ka haɗa rabi biyun. Da zarar an ɗaga allon ƙarin lokaci ka sa ainihin lambar.

Sannan ƙwallaye ba sa rabuwa daidai-wa-daida a tsawon wasa, an fi ci bayan an dawo hutu, gajiya ta shigo, wanda ake bi ya buɗe baya. Masana lissafi Dixon da Robinson sun nuna haka tun 1998 da wasannin Ingila, yawan ci yana ƙaruwa yayin da wasa ke nisa kuma yana sauyawa gwargwadon cin da ake ciki. Ba sai ka yarda da kowa ba, fayil ɗinka zai gaya maka, tara HTHG da HTAG ka raba da jimillar FTHG da FTAG, yawanci za ka ga rabin farko yana ɗaukar wajen kashi 45 ne. Ma'ana a hutun rabin lokaci abin da ya rage ya fi rabi, ka ninka 1.6 da 1.1 ɗinka da 0.55 maimakon 0.5.

6. Ƙwallo a ƙafar wa take

To nan ne mutane suka fi ruɗewa. Kashin riƙe ƙwallo da ake nunawa, wai waɗannan 68 waɗancan 32, kar ka sa shi a lissafinka ko kaɗan. Sau da yawa wanda ke gaba shi ke sakar wa abokin karawa ƙwallo da gangan ya koma baya ya tsare, in ka ɗauki 68 ɗin a matsayin ƙarfi za ka ba wanda ake ci maki a banza.

Abin da ake aunawa shi ne wannan harin da ake kai yanzu, damar ya ƙare a raga nawa ce. Sai ka fitar da lamba biyu daga teburinka, in an ci da in ba a ci ba, ka gauraya su gwargwadon damar. Mu koma minti 60 ana 1-0, masu gida na kan 80, in baƙi sun ci su koma 31. Alƙalin wasa ya busa fenariti wa baƙi. Fenariti kusan uku cikin huɗu na shiga, masu lissafi sukan sa 0.76:

```
=0.76*31+0.24*80
```

Amsa 43. Tun ba a buga ba busar kaɗai ta kwashe maki 37, in ta shiga a ƙara sauka 12 zuwa 31, in gola ya tare a koma 80. Wato ranar da ka ga jadawali ya yi tsalle sama ba tare da an ci ƙwallo ba, galibi fenariti aka ɓarar.

Yanzu gwada bugun kwana a daidai wannan lokacin. Duk ihun da 'yan kallo ke yi, kwana wajen uku cikin ɗari ne ke zama ƙwallo, ka sa 0.03 da 0.97 ka ga 80 ta koma 78 da rabi. Ƙwallo a tsakiyar fili kuwa ko rabin haka ba ta kai ba. Akwai taswirar da Karun Singh ya fitar da ake kira xT, ta yanka fili gida-gida ta ba kowane yanki damar da hari daga nan ke da ita, in kana son ka bi kowane hari ita za ka ɗora a kan wannan gaurayawar. A ganina dai ga mai farawa wahala ce da ba ta biya, fenariti da jan kati sun ishe ka. Kuma ka sani 1.6 da 1.1 ɗin nan sun riga sun ƙunshi kwana da hare-hare na yau da kullum, saboda haka ainihin motsin ma bai kai wanda muka fitar ba.

A ƙwallon kwando labarin daban ne, can kowane hari a NBA ya ɗan haura maki ɗaya a matsakaici, to in saura daƙiƙa 15 tazara maki ɗaya, wanda ƙwallo ke hannunsa ya zama babban abin tambaya. Kar ka ɗauki teburin nan ka kai can, ba zai yi ba.

Jan kati kuwa ba a B4 yake shiga ba, a B1 da B2 yake. Ka rage na wanda aka kora wa ɗan wasa ka ƙara na ɗayan. Ni nakan fara da ninka na farkon da 0.7 na biyun da 1.3, amma wannan mafari ne kawai na gwaji, in ka tara wasannin da aka ba da jan kati ka auna da kanka ka gyara. Abin da za ka lura shi ne jan kati a minti 15 yana girgiza lamba sosai, a minti 88 kuwa kusan ba a jinsa.

7. Gwada ko lissafin naka gaskiya yake faɗa

Wasa ɗaya ba ya ƙaryata shi. Ranar 25 ga Mayu 2005 a Istanbul Milan ta tafi hutu tana 3-0 a kan Liverpool, in ka ba kowacce 1.4 a teburin nan damar Liverpool ta rama ko ta wuce wajen kashi 2 ce, sai ga shi sun zura uku tsakanin minti na 54 da na 60. Kashi 2 na nufin sau ɗaya a wasa 50, kuma ana buga dubban wasanni duk shekara, dole wata rana a ga irinsa.

Gwajin gaskiya shi ne da yawa. Ɗauki kaka guda, kowane wasa ka sa cin hutun rabin lokaci daga HTHG da HTAG ka rubuta abin da teburin ya ce, sannan ka ware su rukuni-rukuni, waɗanda ya ba masu gida 70 zuwa 80, waɗanda ya ba 80 zuwa 90, da sauransu. Duba layin FTR, wato sakamakon ƙarshe na wasa, ka ƙirga nawa suka ci da gaske. In rukunin 70 zuwa 80 ya ci wajen kashi 75 lafiya lau. In 62 ya ci to lissafinka yana cika baki, koma ka duba agogo da lambobin mataki na 2.

Abu biyu ka kiyaye. Kar ka fitar da ƙarfin ƙungiyoyi daga kaka ɗaya sannan ka gwada a kan wannan kakar dai, ka riga ka leƙa amsa kenan, fitar daga ta bara ka gwada a ta bana. Sannan ka sa ido musamman kan canjaras, wannan lissafin yana ɗauka cewa ƙwallayen ƙungiyoyin biyu ba su da alaƙa da juna, alhali a fili suna da ita, shi ya sa yakan ɗan rage wa 0-0 da 1-1 haƙƙinsu, gyaran da Dixon da Coles suka kawo a 1997 kenan. In ka ga rukunin canjaras ɗinka kullum yana fitowa sama da abin da teburin ya faɗa da maki biyu ko uku, ka ɗan ɗaga akwatunan da wasa ke ƙarewa 0-0 da 1-1, ka cire daidai abin da ka ƙara daga na 1-0 da 0-1 don jimilla ta tsaya a 1, sai ka sake gwadawa a wata kakar daban.